Begen Mai Shara a Madina

Da sunan Allah nake buɗe bakina,
Shi da ya tsaga rabona a Madina.

Salati da sallama ga ɗan Abdullahi,
Maraya, ɗa tilo wurin Amina.

Masu bege sun kira ka wata da haske,
Sun yi daidai, na sha ji da kunnena.

Ni ba malama ba ce, mai shara ce,
Zan yabe ka da abin da na taɓa da kaina.

Ɓangaren mata nake, bayan Isha'i
Nake ɗaura ɗamara in kama sashena.

In naɗe darduma, in tsince ƙwallon dabino,
In goge zamzam da ya zube da tsummana.

Kofunan roba, takalmin da aka manta,
Carbin da ya tsinke, duk sai sun bi hannuna.

Wata kan tsallake ni tana rera salati,
Ba ta ga mutum ba, ta ga rigar aikina.

Ba na riƙe ta, don ina da labari,
Abu Huraira ya ba mu, Buhari ya adana.

Wata baƙar mace ke sharar masallacin nan
Tun rufin ganyen dabino ne a kan sanduna.

Ta rasu, aka kai ta ba a gaya maka ba,
Kamar dai sha'aninta ne aka raina.

Kai ne ka duba ka ga babu ita,
Ka tambayi inda take, kai ne ka tuna.

Ka ce me ya hana ku sanar da ni?
Ku kai ni kabarinta. Aka je aka nuna.

Ka tsaya a kansa ka yi mata salla,
Kai da Jibrilu ke sauka ku gana.

Ran da na ji wannan a darasin mata
Ban iya tashi ba, hawaye ya cika idona.

Ba a ce ta yi yaƙi ko ta ba da dukiya ba,
Shara ce kurum ta jawo mata ƙauna.

Ka ga kaki a jikin bangon alƙibla,
Ka kankare shi da hannunka, Shugabana.

Ashe sana'ata ta taɓa tafinka,
To wa zai sa in ji kunyar gumina?

Wani baƙauye ya yi bawali a lungu,
Jama'a suka taso masa, kai ka hana.

Ka ce a bar shi, a kwara ruwa guga guda,
An aiko ku ku sauƙaƙa ne, cikin lumana.

In jaririn baƙuwa ya ɓata shimfiɗa,
Uwar ta ruɗe ta kasa ko magana,

Guganka nake tunawa, in yi mata fara'a,
In ce bar shi yaya, nawa ne, ki zauna.

Kai da kake gajarta salla in yaro ya yi kuka
Don kada zuciyar uwarsa ta yi ƙuna.

Ka ɗauki jikarka Umama kana limanci,
Ka sauke, ka ɗauka, a idon Musulmina.

Ka ɗauki tubali ran da ake ginin nan,
Kai da sahabbai, ƙura har kawuna.

Ruwa ya zubo ta rufi kana sujada,
Goshinka da taɓo, Abu Sa'id ya bayyana.

Yau lema 250 ce a farfajiya,
Suna buɗewa su tare mana rana.

Ga marmara, ga sanyi daga gindin ginshiƙi,
Kai kuwa sawun tabarma a jikinka ya kwana.

Umaru ya gani ya fashe da kuka,
Ya tuna Kisra da Ƙaisar, manyan sarakuna.

A yi wata biyu ba a hura wuta gidanka ba,
Dabino da ruwa, in ji Uwar Muminina.

Ka bar duniya sulkenka yana jingine
Kan sa'i 30 na sha'ir don ci da ɗakuna.

In wata ya yi nisa, mai haya ya ƙwanƙwasa,
Sai in dubi koriyar Ƙubba in dangana.

Anas ya yi maka hidima shekara 10,
Ko tsaki bai taɓa ji ba, ya Sayyidina.

Ni da na yi aikatau a gidajen mutane
Na san nauyin wannan shaida a ƙirjina.

Na san gidan da ake ƙirga lomar 'yar aiki,
Na san inda "ke" ta maye gurbin sunana.

Kai ka ce 'yan'uwanku ne, ku ci da su cimarku,
Ku sa musu irin naku na riguna.

Ka ɗinke takalminka, ka tatsi akuyarka,
In an kira salla ka fita, ga ta nan Sunna.

Baraka 'yar Habasha ce ta yi renonka,
Kana zuwa gaishe ta, mai riƙon amana.

Ka yafa wa Ummu Khalid mayafi tana yarinya,
Ka ce mata da Habasanci: Sana, Sana!

Ka gaya wa Bilal ka ji takun takalmansa
Suna tafe a gabanka cikin Aljanna.

In an ce mini Takari ana taɓe baki,
Ni da ladaninka Mai rini ɗaya ya rina.

Kakata ta baro ƙasar Haɗeja a ƙasa,
Goyo a baya, kaya a bisa jakuna.

Ba don kasuwa ba, ba don gudun yunwa ba,
Ta keta Barno da Wadai ta faɗa Janaina.

Ta ratsa Fashir da Ubayyid da ƙafarta,
Ta tsinci auduga a Jazira, gona bayan gona.

Ta binne ɗa a hanya, babu ko alama,
Ta ɗaure zane ta ce Gabas ne burina.

A Sawakin ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda,
Teku na jijjiga, salati ba ta daina.

Ba ta da Larabci sai Fatiha da Ƙulhuwa,
Da Hausa ta gaishe ka: ga ni, Masoyina.

Tana Baƙi'a yanzu, gabas da masallaci,
Ta jikin katangar nake bi in je gidana.

Danginta da suka tsaya Maiwurno da Sinja,
Tun 2023 ƙasarsu na cikin fitina.

Ya Allah, al'ummar wanda nake bege ce,
Ka kashe wutar nan da ta ci ta ƙona.

Ka rungume ɗanka Ibrahim yana cikawa,
Idonka na zuba, ya Manzona,

Ka ce ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda,
Da shi na tsaya ran da aka fita da ɗana.

Mata na layin Rauda da izini a waya,
Ni kuwa tsintsiya ce ta zama izinina.

Tsakanin ɗakinka da mumbari, dausayin Aljanna,
Can nake durƙuso in yi guga da gwiwoyina.

Na san aya ta hana ɗaga murya gabanka,
Shi ya sa nake sassauta ko jan bokitina.

Ka ce wanda ya sami ikon cikawa a garin nan
Ya cika, za ka cece shi, shi ne fatana.

Ya Rabbi ka haɗa ni da waccan mai shara,
Mu je Tafkinsa tare, ya kira mu da suna.

Tsira da aminci gare shi da iyalansa,
Da sahabbai, da ita, amin Rabbana.