Roƙon a ba mu damar sauya kowane maɓalli a wasanku

Damagaram, 14 ga Maris, 2025

Zuwa ga sashen taimaka wa 'yan wasa,

Barkanku da aiki. Wata uku ke nan da na sayi wasanku, kuma ba na da-na-sanin kuɗina. Abu ɗaya ne ya sa na rubuto muku: ku buɗe mana dukkan maɓallai, kowa ya jera su yadda hannunsa da kibod ɗinsa suke so.

A nan Nijar yawancin kwamfutocinmu kibod ɗin Faransa gare su, wato AZERTY. Tawa ma haka take, da Windows 11 a kanta. Wasanku ya ɗaure tafiya a kan W, A, S, D, kuma harafin yake bi, ba gurbin maɓallin ba. A kibod ɗin Ingilishi waɗannan huɗun suna zaune tare a ƙarƙashin yatsu uku. A nawa kuwa W tana can layin ƙasa, A tana layin sama. Ke nan in zan yi gaba sai na lanƙwasa yatsa ƙasa, in zan yi hagu sai na miƙa shi sama. Minti ashirin in na yi, bayan hannuna ya fara tsami. Mu Z, Q, S, D ne daidai da hannunmu.

Na shiga Settings, na buɗe Controls. Tsalle da durƙuso da cika harsashi duk suna sauyuwa, na gode da wannan. Amma layukan tafiya da na zaɓen makami a dushe suke, ko an danna ba sa motsi. Makaman ma sun fi ba ni ciwon kai. Kun sa su a 1 zuwa 4, alhali a AZERTY layin sama ba lamba yake bayarwa kai tsaye ba. In na danna, & da é da " da ' ne suke fitowa, sai an haɗa da Shift lamba take zuwa. Shift ɗin kuma shi ne gudu a wasanku. Don haka duk lokacin da zan ɗauko bindiga ta biyu, sai mutumina ya zabura da gudu ya fita daga maɓoyarsa. Daren jiya sau uku aka kashe ni a haka, abokan wasana suna ta yi mini dariya.

Na san za a ce in juya kibod ɗin zuwa Ingilishi da Win+Space. Haka nake yi yanzu, kuma tafiya tana daidaita. Sai dai da na buɗe wurin hira in ce wa abokai "ina zuwa", abin da ke fita shi ne "inq wuzq". Ana tsakiyar faɗa ba wanda ke da lokacin juya harshe gaba da baya. Wani ya ba ni shawarar AutoHotkey, wata manhajar da ke iya sauya aikin maɓallai, na ƙi, don ina tsoron manhajarku ta kama masu maguɗi ta ɗauke ni ɓarawo a rufe mini asusu.

Don Allah kada maganin ya tsaya a ƙara tsari ɗaya mai suna AZERTY. Zai warkar da ni, amma ba zai warkar da ƙanina ba. Shi bahago ne, da hagu yake riƙe linzami, damansa kuma tana kan I, J, K, L. Sau biyu ya gwada wasan a kwamfutata ya tashi ya bar mini. Akwai kuma masu wasa da hannu ɗaya, da wanda maɓallinsa guda ya mutu ba shi da halin sayen sabon kibod. Ba za ku iya hango hannun kowa ba, shi ya sa barin zaɓin gare mu ya fi sauƙi. Kundin Game Accessibility Guidelines ma ya sa sauya maɓallai a matakin farko na abubuwan da ake so kowane wasa ya samar.

Abin da nake roƙo shi ne kowane aiki ya karɓi kowane maɓalli, har da Tab da Caps Lock da na gefen linzami, Mouse 4 da Mouse 5. In na ɗora ayyuka biyu a maɓalli ɗaya, wasan ya gargaɗe ni kawai, ya bar ni in yanke shawara. Rubutun da ke fitowa a allo kuma ya bi sabon tsarin, kada in mayar da buɗe ƙofa kan A ya ci gaba da ce mini in danna E. In ana buƙatar barin Esc a ɗaure don kada mutum ya kulle kansa a waje, ban damu ba.

Idan kuna neman wanda zai gwada muku a kan AZERTY kafin ku saki gyaran, ga ni, ƙanina ma ya ce a sa da shi. Ina so in ji ko wannan yana cikin shirinku, ko da ba ku sa masa rana ba tukuna.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mamman, daga Damagaram