Takardar Bayani: Abin da Ficewar Nijar daga ECOWAS ta Haifar a Shari'a

Zuwa: Babban Sakatare, Ma'aikatar Harkokin Waje, Abuja
Daga: Lauyan 'yan kasuwa da makiyayan iyakar Kamba, Birnin Kebbi
Kwanan wata: 10 ga Fabrairu, 2025

Ranka ya daɗe,

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Sun so ta fara aiki nan take tun Janairun 2024, amma Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a 1993 ya gindaya sanarwar shekara guda a rubuce, kuma duk wani nauyi yana kan mai fita har wa'adin ya cika.

Sashe na 70 na Yarjejeniyar Vienna ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyin ƙasashe shi ne ma'auni. Daga ranar fita, an sauke wa Nijar nauyin ci gaba da aiwatar da yarjejeniyar ECOWAS, mu ma an sauke mana namu a kanta. Sai dai fita ba ta goge baya: bashin da aka ci da haƙƙin da ya riga ya tabbata suna nan daram. Sashe na 43 na Yarjejeniyar Vienna kuma ya bar mata duk abin da dokar ƙasa da ƙasa ta ɗora mata ko ba yarjejeniya.

Ga inda gizo ke saƙar. Haƙƙin da Sashe na 70 ya kare na ƙasashe ne, bai ambaci ɗaiɗaikun mutane ba. Bakabe mai shago a Gaya ta Nijar, ko Bazabarme da ya shekara ashirin a Kamba, zamansa ya koma hannun dokar ƙasar da yake ciki. Shiga ba biza na kwana 90 da ƙa'idar ECOWAS ta 1979 ta bayar, da takardar ƙetarawa da dabbobi ta 1998, duk a jikin ƙungiyar suke rataye. Gaskiya ne ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kaya kamar da, har sai an sake sanarwa. Wannan alfarma ce. Ana iya janye ta da takarda guda, kuma ban ga kotun da makiyayi zai kai kukansa ba idan aka tare masa garke a Dole Kaina. Wannan ne ya fi damuna, domin damina na tafe kuma shanu za su nufi arewa.

Yarjejeniyoyin da ke tsakaninmu da Nijar kai tsaye ba su taɓu ba, har da Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar ta 1971 mai mazauni a Yamai.

Shawarata, Ma'aikata ta bi ta wannan hukuma a ƙulla rubutacciyar yarjejeniya kan zirga-zirga da zama da kiwo, kafin wa'adin tattaunawa da ECOWAS ta ba ƙasashen uku ya ƙare ranar 29 ga Yuli. In an sa hannu, a hanzarta kai ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa, tunda Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 bai ba yarjejeniya ƙarfin doka a kotunanmu ba sai Majalisa ta mayar da ita doka. Kafin nan, a aika wa jami'an shige da fice da na kwastan da ke Kamba umarni a rubuce.

Na gode, a huta lafiya.