Abin da ke riƙe atam ɗin da ba ya son kowa: ƙarfin London da tafasar halojin

Duk shekara idan na zo wannan darasi da 'yan aji biyu na babbar sakandare, sai na rubuta lambobi huɗu a allo na yi shiru. Fulorin yana tafasa a −188°C, kulorin a −34°C, buromin a 59°C, aidin kuma sai ya kai 184°C. 'Yan gida ɗaya ne a teburin sinadarai, gidan da ake kira halojin, kowannensu atam biyu ne a haɗe, amma a zafin ɗakinmu biyun farko iska ne, na uku ruwa ne ja mai hayaƙi, na huɗu daskararre ne baƙi-baƙi mai ƙyalli. Sai in tambaya: me ya kawo haka? Kusan kullum wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai na ƙasa ya fi nauyi." Amsar tana da kama da gaskiya, shi ya sa take da wuyar cirewa daga kan ɗalibi.

Bari mu faro daga inda abin ya fi ɗaure kai. Hiliyom, niyon, agon, kiribton da zinon su ne iskokin da ba sa shiga harkar kowa. Ilektaron ɗinsu na waje sun cika, atam ɗinsu a zagaye yake kamar ƙwallo, ba shi da gefen caji mai ƙari ko mai ragi. A ƙa'ida babu dalilin da zai sa atam ɗin agon ya kula da ɗan'uwansa. Duk da haka idan aka sanyaya su sosai suna zama ruwa. Har hiliyom, mafi taurin kansu, Kamerlingh Onnes ya mayar da shi ruwa a Leiden a 1908. Ruwa kuwa ba ya samuwa sai da wani abu da ke jan ƙwayoyin zuwa ga juna. Tun 1873 van der Waals ya sa wannan jan a lissafinsa na iska, amma asalinsa bai fito fili ba sai a 1930, a hannun Fritz London, masanin fiziks haifaffen Breslau. Shi ya sa ake kiran wannan jan ƙarfin London. Sunan mutum ne, ba ruwansa da birnin Landan, ko da yake na sha ganin haka a takardar jarrabawa.

Ga yadda abin yake. Ilektaron ba a kafe suke ba. Ka ɗauki yarinya ta ɗauko ruwa a daro a ka: idan ka auna tsawon tafiyarta, ruwan a daidai yake, amma a kowane taku yana tangal-tangal, yanzu ya fi yawa a dama, an jima a hagu. Haka gajimaren ilektaron yake a kewayen cibiyar atam. A wani ɗan ƙiftawa sai ya rinjaya gefe guda. Wannan gefen ya ɗan zama mai ragi, ɗayan da cibiya ta leƙo ya ɗan zama mai ƙari. Atam ɗin da ke maƙwabtaka yana jin wannan. Gefen ragi zai kori ilektaron ɗin maƙwabci su ja baya, ya bar gefen ƙarinsa yana fuskantarsa, sai su ja juna.

A nan ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan tare ni: tunda karkatar tana juyawa ko'ina, ba za ta share kanta ba? Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran. Ba ta sharewa, domin maƙwabcin ba gaban kansa yake yi ba, bin na farko yake. In ilektaron na wannan sun koma hagu, na wancan ma sun koma hagu, har yanzu ƙari na fuskantar ragi. In sun juya dama, tare za su juya. Ko ta ina aka karkata, sakamakon ja ne. Misalin daron sauƙaƙawa ce kawai. Abin da lissafin kwantum na London ya nuna shi ne motsin ilektaron na atam biyun yana ɗaure da juna, kuma wannan ɗaurin yana rage makamashinsu. Ƙarfin ba ya zuwa nesa: makamashinsa na tafiya da 1/r⁶, wato in ka ninka tazara sau biyu, ya ragu sau 64.

To me ke sa wani ya fi wani? Sauƙin karkatar gajimaren. Hiliyom ilektaron 2 gare shi, cibiya ta rungume su gam, da ƙyar suke motsawa gefe, shi ya sa yake tafasa a −269°C, digiri huɗu kacal sama da sifirin da babu sanyi bayansa. Niyon mai 10 yana tafasa a −246°C, agon mai 18 a −186°C, kiribton mai 36 a −153°C, zinon mai 54 a −108°C. Kana gangarowa, ilektaron na waje suna ƙara nisa da cibiya, na ciki sun tare su daga janta, sai gajimaren ya zama sako-sako, ya fi saurin karkata, jan ya ƙaru. Halojin ma labarin ke nan: F₂ na da ilektaron 18, Cl₂ 34, Br₂ 70, I₂ 106. A aidin jan ya kai ga riƙe ƙwayoyin a daskare har sai zafi ya kai 114°C kafin ya narke. Wanda ya ce ƙarfin London rarrauna ne, bai riƙi kwalbar aidin ba.

Yanzu mu koma kan mai cewa nauyi ne. Agon da fulorin sun goya masa baya: nauyinsu 40 da 38, ilektaron 18 kowanne, tafasarsu −186 da −188. Amma ajiye kiribton kusa da kulorin. Kiribton nauyinsa kusan 84, Cl₂ kuwa 71, har ilektaron ma kiribton ya ɗara shi da biyu. Da nauyi ke aiki, da kiribton ya riga ya yi nasara. Sai ga shi kulorin ya fi shi zafin tafasa da digiri kusan 120. Dalili shi ne kiribton cibiya guda ce mai cajin 36 ta dunƙule ilektaron ɗinta wuri ɗaya, kulorin kuwa nasa a baje suke kan atam biyu, gajimaren ya fi girma da tsawo, sauƙin karkatarsa ya kusan ninka na kiribton, kuma yana da faɗin jikin da zai jingina da maƙwabci. Nauyi ɗan rakiya ne kawai, yana hawa tare da yawan ilektaron, ba shi ke ja ba.

Akwai kuskure na biyu da ke cin maki da yawa. Ɗalibi zai rubuta cewa aidin ya fi wuyar tafasa domin haɗin atam ɗinsa ya fi ƙarfi. Akasin haka ne ma: raba Cl daga Cl na bukatar kusan kilojul 242 a kowane mol, Br daga Br 193, I daga I 151 kawai. Haɗin ciki yana raguwa, tafasa tana hawa. Tafasa ba ta taɓa haɗin ciki ko kaɗan. Ƙwayar Br₂ da ta tashi daga ruwan, Br₂ ce cur a cikin hayaƙi. Abin da zafi ya yi shi ne ɓamɓare ta daga maƙwabtanta, kuma kusan kilojul 30 a mol ya isa wannan aiki, inda tsinka ƙwayar kanta zai ci fiye da haka sau shida.