Ƙuduri a Rubuce Maimakon Zaman Taro: Sayen Takin Noman Rani

Zuwa ga dukkan mambobin ƙungiyarmu ta manoman rani da ke Kura, Jihar Kano.

Assalamu alaikum. Da yake yawancinmu muna gona wajen yankan shinkafa, haɗa taro a wannan makon zai yi wuya. Maganar taki kuwa ba ta jira, domin da zarar an fara shukar alkama da dashen tumatir kuɗinsa kan hau. Saboda haka kwamitin gudanarwa ke zagayawa da wannan takarda, kamar yadda dokar ƙungiya ta ba da dama.

An ƙudura cewa:

1. A cire naira miliyan 3 daga asusun ƙungiya a sayi takin NPK da yuriya a sari.
2. Ma'aji da mambobi biyu su sayo, su kawo rasit.
3. A raba takin gwargwadon faɗin gonar kowa, a matsayin bashi marar ruwa, a biya bayan girbin alkama. Wanda ake binsa bashin bara sai ya biya kafin ya karɓa, don kada a tauye haƙƙin masu cika alkawari.

Ƙudurin zai fara aiki idan kashi biyu cikin uku na mambobi suka amince. A mayar wa Sakatare da takardar kafin la'asar ranar Alhamis.

Lafazin amincewa: "Ni mamban wannan ƙungiya, na karanta wannan ƙuduri, ko an karanta mini na fahimta. Na amince da shi ba tare da tilas ba, tamkar a zaman taro aka zartar da shi."

Wanda ya amince ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kusa da sunansa a rajistar da ke haɗe.

Daga Shugaba da Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.