Sanarwar Babban Taron Masu Hannun Jari na Kamfanin Casar Shinkafa na Albarkar Fadama, Argungu

Assalamu alaikum. Bisa umarnin hukumar daraktoci, ana sanar da masu hannun jari su 18 cewa za a yi babban taron kamfani ranar Asabar, 6 ga Disamba, 2025, da ƙarfe 10 na safe, a ofishin kamfani da ke kan hanyar Birnin Kebbi, Argungu. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin taron shekara-shekara, amma ƙa'idojin kamfaninmu sun tanade shi.

Da farko za a gabatar da rahoton daraktoci da lissafin kuɗin shekarar 2024, sannan a duba ribar Naira 2 da daraktoci suka ba da shawarar a raba a kan kowane hannun jari. Wannan ƙuduri ne na yau da kullum, ƙuri'un da suka haura rabin waɗanda aka kaɗa sun wadatar.

Batu na ƙarshe ƙuduri ne na musamman, ga lafazinsa: "An amince a sauya sunan kamfani zuwa Kamfanin Abinci na Albarkar Fadama, matuƙar Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) ta yarda." Dalili shi ne kamfani ya fara niƙan gero da masara. Ƙudurin ba zai tabbata ba sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, kuma wanda ya ƙaurace ba ya cikin lissafi.

Doka ta wajabta sanarwar kwana 21, wadda aka tura ta gidan waya kuwa ana ɗaukar ta isa bayan kwana 7, shi ya sa aka fitar da wannan tun yau.

Duk mai hannun jari yana da haƙƙin naɗa wakili ya halarta, ya kuma kaɗa ƙuri'a a madadinsa, ko da wakilin ba shi da hannun jari. Sai dai takardar wakilci mai sa hannu ta iso ofis awa 48 kafin taro, wato zuwa ƙarfe 10 na safiyar Alhamis, 4 ga Disamba. Saƙon baka ko kiran waya ba wakilci ba ne.

Taro ba zai zauna ba sai da mutum 6, kashi ɗaya cikin uku na mambobi, da kansu ko ta wakilansu. Idan awa ɗaya ta wuce ba su cika ba, za a ɗage shi zuwa Asabar, 13 ga Disamba. Ana kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, amma idan mambobi uku, ko masu kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'u, suka nemi a ƙirga ta hannun jari, to kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya ne. Bisa ƙa'idojinmu, wanda bai kammala biyan kuɗin hannun jarin da aka nema a wurinsa ba, ba shi da ƙuri'a.

Sakataren Kamfani
Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025