Ƙorafi kan katin da ake yanke min ba da yardata ba

Zuwa ga shugaban sashen kula da kwastomomi,

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni kwastomanku ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Maigatari ta jihar Jigawa, sana'ata noma da ɗan saye da sayarwar riɗi da zoɓo, kuma layin da nake magana a kansa shi ne wannan da na turo muku saƙon da shi, sunana da NIN ɗina duk suna jikinsa tunda ku da kanku kuka sa muka bi layi a rana muka haɗa su lokacin da gwamnati ta kawo dokar a ƙarshen 2020.

Maganata ɗaya ce, kuna cire min kuɗi a kan abin da ban saya ba. Tun wajen ƙaramar salla na fara lura in na sa katin ɗari biyar, kira biyu uku sai in ji matar nan tana ce min kuɗina bai isa ba, da farko na ɗauka ƙarin kuɗin kira ne da hukumar sadarwa ta NCC ta amince muku a watan Janairun 2025 na kashi 50 cikin 100, na ce to komai ya tashi a ƙasar nan balle waya, na haƙura. Sai da na fara danna *310# na duba ragowar kuɗi da daddare kafin in kwanta in sake dannawa bayan asuba na gane ba ƙarin ba ne, domin naira hamsin ce ke ɓacewa alhali wayar tana ƙarƙashin filo ba wanda ya taɓa ta. Ƙanena da yake karatu a Gumel ya zo hutu ya duba min mesej ɗin da suka cika wayar, ashe wai an sa ni a tsari har uku, ɗaya na labarin ƙwallon Turai naira 50 kullum, ɗaya na wasan kacici-kacici wai za a ci kyautar kuɗi naira 100 duk sati, sai kuma waƙar da mai kirana yake ji ita ma ana cire nata duk wata. Ranka ya daɗe ni ko sunan ɗan ƙwallo ɗaya ban riƙe ba, kacici-kacicin kuwa da Turanci yake zuwa, ina ni ina shi. Ita waƙar ma ita ta fi ƙona min rai, don sai da limaminmu ya kira ni ya ce Malam yaushe ka koma sa wa mutane kiɗa a waya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ban san da ita ba tunda mutum ba ya kiran kansa.

Yi lissafi da kanka. Hamsin kullum a wata ɗaya dubu ɗaya da ɗari biyar ke nan, ga ɗari huɗu ta kacici-kacici, ga kuɗin waƙa, kusan dubu biyu duk wata a kan layi ɗaya. Wataƙila a ofis ɗinku dubu biyu ba komai ba ce, mu a nan kuɗin cefane ne. Kuma abin da na lura da shi wanda ya nuna min tsarin ba kuskure ba ne, in babu hamsin cif a layin ba ya haƙura, in ashirin ya tarar sai ya kwashe ashirin ɗin, in goma ce ya ɗauki goma, kamar ɓera a rumbu ba ya raina ƙwaya. Sannan in kuɗi ya yanke min ina tsakiyar ciniki dole in ci bashinku ta *303# inda kuke cire kashi 15 cikin 100 tun kafin in yi sallama da wanda zan kira, in na sa kati ku fara zare bashinku, ragowar kuma mai ƙwallo ya zo ya share, in tashi ba ko sisi. Wato kun sa ni cin bashi kuma kun ci riba a kan bashin.

Na kira 300, lambarku ta kula da kwastomomi, ba sau ɗaya ba. A ƙauyenmu sabis ɗin sai mutum ya hau tudun bayan makaranta, wani lokacin ma layin Nijar ne ke shigo mana tunda bakin boda muke, haka zan tsaya ina danna wannan ina danna wancan kafin a haɗa ni da mutum. Wata baiwar Allah da ta ɗauka ta yi min magana da mutunci, ba zan ci haƙƙinta ba, amma amsarta ita ce wai kwamfuta ta nuna ni na yi rijista da hannuna. Na ce to yaushe, da wane saƙo, me na rubuta, ta ce ba ta ganin wannan a gabanta. Wani kuma ya ce min ba ku ba ne, wai wasu kamfanoni ne daban masu sayar da irin waɗannan abubuwan. To naji, amma ni ban san su ba, ban taɓa sayen katinsu ba, kuɗina a hannunku na ajiye shi, ku kuke cire musu kuma ba kyauta kuke yi ba, kuna da kasonku a ciki. In na ba mutum ajiya ya miƙa wa wani ba da izinina ba, wa zan kama?

Ita wannan maganar ta ni na yi rijista da hannuna ita nake so mu tsaya a kai, don na san yadda ake yi. Saƙo ne yake faɗowa a fuskar waya haka kawai ya rufe komai, ba ya shiga akwatin mesej, ƙasansa an rubuta OK gefe ɗaya Cancel gefe ɗaya, kuma mu nan yawancinmu ƙaramar waya mai madannai muke riƙewa saboda caji, sai an kai shagon mai sola an biya. Wayar tana aljihu kana kan babur ko kana sunkuye a gona, madannin tsakiya ya dannu, shi ke nan wai ka yarda. Ko kana sauri za ka kira dillali ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta cika, abu ya tare maka fuska ka danna don ya kauce, wai ka yarda. Wani lokacin kira ne ake yi maka da murya naɗaɗɗiya a ce danna ɗaya, ko a ce kyauta ne na kwana kaza, kwanakin na cika ya ci gaba da sabunta kansa ba tambaya. Dan Allah a wace kasuwa ake ƙulla ciniki haka? A wajenmu sai an taya, an yi sallama, mai kaya ya ce Allah ya ba da riba, kafin kuɗi ya bar hannun mai shi.

Ba ni kaɗai ba ne kuma. Mahaifiyata, Inna, tana da layinku, ba ta karatun boko sai Alƙur'ani da ajami, abin da ta sani a waya shi ne kore a ɗauka ja a kashe. Yayata da ke aure a Kano takan tura mata kati don ta riƙa kiran jikoki, kullum Inna na cewa kuɗin ba ya albarka, har ta fara zargin yaran gida suna ɗauka suna kiran abokai, an daki wani ma a kan haka. Da aka duba ashe ita ma an sa ta a wani tsari na koyon Turanci. Tsohuwa mai jikoki, koyon Turanci. A majalisarmu ta bakin shagon mai caji kuwa in aka ta da zancen nan kowa da nasa labarin, har wasu sun daina barin kuɗi a layi, sai za su yi kira su je wajen mai POS ya tura musu ɗari su cinye ta a take. Wannan ma asararku ce in kun duba.

Ƙanen nawa ya nuna min in tura STOP zuwa 2442, wanda NCC ta kawo tun 2016 don hana saƙonnin talla, na tura, amsa ta zo cewa an karɓa. Tallan ya ragu gaskiya amma cirar kuɗi ba ta tsaya ba. Muka bi ta *305# da aka ware don fita daga irin waɗannan tsare-tsaren, biyu suka fita, na ƙwallon ya yi shiru kamar ya tafi, ba a daɗe ba sai ga mesej wai an sabunta min cikin nasara. Nasarar wa? Kuma duk saƙonnin nan da Turanci kuke turowa, alhali in talla za ku yi mana a rediyo kun iya Hausa tsaf har da karin magana.

Abin da nake nema a wajenku ba shi da wahala. Ku cire ni daga duk wani tsari da ke kan layin nan yau ɗin nan, ku turo min saƙo da ke tabbatar da haka, kuma ku toshe yadda ba wanda zai sake sa ni sai in ni na zo da kaina na nema. Ku turo min cikakken lissafin abin da aka cire tun daga ranar farko, da rana da lokaci da sunan kamfanin da aka ba, tunda ba abin da ke wucewa a layi kwamfutarku ba ta rubuta ba, bashin naira ɗari ma ba ku taɓa mantawa da shi ba. In kun ce na yarda to ku nuna min shaidar, saƙon da na tura ko lambar da na danna da kuma inda aka sake tambayata na tabbatar. In babu, ku mayar min da kuɗina a matsayin kati na gaske wanda zan kira kowa da shi, ba bonas ɗin nan mai ƙarewa cikin kwana kaɗan ba, ba kuma data ba don wayata ba ta hawa intanet, wannan ma da wayar ƙanena nake rubutowa da sim ɗina a ciki. Na Inna kuma zan kira ku da layinta tana kusa ta yi magana da bakinta, ku sa mana mai jin Hausa.

Na san NCC ta hana sa mutum a tsari da ƙarfi tun 2018, na kuma san lambarta ta 622 kyauta ce ga wanda ya kai kuka wajen kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, shi ya sa nake roƙon ku ba ni lambar shaidar wannan ƙorafin don ita za su fara tambaya. Ga kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Ban so abin ya kai can ba, na daɗe da layin nan, shi duk dillalaina na Maigatari da Gujungu da Dawanau suka sani, canza shi a tsakiyar kakar riɗi ba ƙaramin aiki ba ne. Na ba ku sati biyu daga yau, in ban ji komai ba zan kira 622, kuma mun yi magana da mutanen majalisarmu za mu haɗa lambobinmu mu kai tare.

Ku kira ni bayan la'asar, lokacin ne nake kusa da inda sabis yake kamawa.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Kwastomanku manomi daga ƙasar Maigatari, jihar Jigawa